Haɗin gwiwar tashoshin YouTube

Haɗin gwiwar tashoshi shi ne masu tashoshi biyu, ko fiye, su haɗu su yi bidiyo tare domin masu kallon kowannensu su san ɗayan. Wani lokacin baƙunci ne kawai, mai tasha ya bayyana a shirin wani ya tafi. Wani lokacin kuma aiki ne babba, kamar gangamin Team Trees da MrBeast da Mark Rober suka fara a watan Oktoban 2019, inda tashoshi masu yawa suka saki bidiyo kan batu ɗaya har aka tara dala miliyan 20 ta dashen itatuwa. Galibi dai abin bai wuce tashoshi biyu ba, kuma ƙa'ida ɗaya ce ke juya shi: YouTube na biyan kuɗin talla ne ga tashar da ta ɗora bidiyon. Duk wani rabo da zai biyo baya, magana ce tsakanin masu tashoshin.

Zaɓen abokin aiki

Kuskuren da aka fi yi shi ne duba yawan mabiya. Tasha na iya tara mabiya dubu ɗari tun shekarun baya, alhali bidiyon da take saki yanzu da ƙyar yake samun kallo dubu biyu. Abin dubawa shi ne kallon da bidiyoyinta goma na baya-bayan nan suka samu, da irin maganar da mutane ke yi a ƙarƙashinsu.

Sai kuma dangantakar masu kallo. Ana son su yi kusa da juna, amma kada su zama mutane ɗaya. Idan tashoshi biyu na barkwanci duk jama'a ɗaya ke kallonsu, babu sabon mutum da wani zai samu. Idan kuma ɗaya ta wa'azi ce ɗaya ta wasan kwamfuta, wanda ya leƙo ba zai zauna ba, kuma fitarsa da wuri na rage tsawon kallon da bidiyon ke samu. A cikin YouTube Studio, wato wurin da mai tasha ke sarrafa tasharsa, ƙarƙashin sashen alƙaluma na Analytics, shafin Audience kan nuna wasu tashoshin da masu kallonka ke bibiya, da ƙasashensu, da shekarunsu, da sa'o'in da suka fi hawa. Mai neman haɗin gwiwa da gaske ba ya jin nauyin nuna wannan shafin, kuma yana da haƙƙin ganin na ɗayan. Ya kamata a tambayi ko tashar na da gargaɗin haƙƙin mallaka a kanta, domin gargaɗi uku da wa'adinsu bai ƙare ba na iya sa a rufe tasha da duk abin da ke ciki. Yarjejeniyar "bi ni in bi ka" kuwa ba haɗin gwiwa ba ce, dokokin YouTube ma sun hana ta.

Tsara bidiyon

Tsarin da ya fi kawo zaman lafiya shi ne bidiyo biyu, ɗaya a kowace tasha, kowanne cikakke a kansa amma yana jan mai kallo zuwa ɗayan. A ɗauki misalin mai tashar girki a Kano da mai tashar noma da ke aiki a gonakin shinkafa na Kura. A bidiyon farko, wanda zai hau tashar manomin, mai girkin ce baƙuwa: ta shiga gona da lauje, ta ga yanka da bugu da turarawa da casa, tana tambayar da masu kallonta za su so a yi, kamar me ke sa wata shinkafar tsakuwa. A na biyu, a tasharta, manomin ya zo da wannan shinkafar ya zauna gefen murhu ana dafa-duka, yana bayyana abin da ke sa turararriya ba ta caɓewa. Wanda ya ga buhun ya bar gona zai so ya gan shi a tukunya, ba sai an roƙe shi ba.

Kafin a kunna kyamara akwai abubuwan da ake yankewa: wa zai ɗauka, wa zai tace, wa ke da kalmar ƙarshe kan take da hoton bango, kuma wace rana za a saki. An fi son a saki biyun rana ɗaya, domin idan na biyu ya makara da mako, sha'awar ta huce. Kowanne yana sa bidiyon ɗayan a allon ƙarshe, wanda ke fitowa a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshen bidiyo, ya kuma ambaci tashar da alamar @ a take ko a bayani. Ɗora bidiyo ɗaya tak a tashoshin biyu ba dabara ba ce. Kallon yana rabuwa biyu, kuma tashar da ta yawaita maimaita abin da ke wani wuri tana iya rasa damar samun kuɗin talla.

Rabon amfani

Amfanin ba kuɗi kaɗai ba ne, kuma a nan ake yawan saɓani. Ƙaramar tasha ta fi cin ribar mabiya. Ga wadda ba ta kai mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12 ba, wato sharaɗin fara samun kuɗin talla a dogon bidiyo, haɗin gwiwa ɗaya na iya tsallakar da ita. Babbar tasha kuma tana samun abin da ba ta da shi, kamar gona ko gwaninta. Adalci ne a faɗi wannan a fili tun farko.

Idan bidiyo biyu aka yi, mafi sauƙi kowa ya riƙe kuɗin nasa. Idan ɗaya ne, dole a yi lissafi. A dogon bidiyo, mai tasha na samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, YouTube na riƙe 45. Adadin da Studio ke kira RPM shi ne abin da ya rage wa mai tasha a kowane kallo dubu bayan an cire wancan kason. A ce bidiyon dafa-dukar ya samu kallo 200,000 cikin kwana 90, RPM ɗinsa rabin dala: dala 100 ke nan. Kuɗin mota da cefane da ladan mai tacewa sun ci kwatankwacin dala 30, sai a fara mayar wa wanda ya kashe. Saura 70. Idan sun amince da 60 da 40, mai tashar ta ɗauki 42, baƙon 28.

Abu uku ke ɓata irin wannan rabon idan ba a rubuta su ba. Na farko wa'adi: bidiyo na iya ci gaba da kawo kuɗi shekaru, don haka a ce rabon na kwana 90 ne ko na shekara. Na biyu, adadin da ke Studio ƙiyasi ne, yana iya sauyawa, shi ya sa ake lissafi da wanda aka tabbatar a AdSense, asusun da YouTube ke biyan masu tasha ta cikinsa, wanda ba ya biya sai kuɗi ya kai dala 100, yawanci tsakanin 21 da 26 ga wata. Na uku canji: a fayyace ko da farashin dala na ranar da kuɗi ya shiga banki za a biya naira. Idan akwai kamfanin da ya ɗauki nauyi, kuɗinsa lissafi ne daban, kuma duk tashar da tallar ta fito a cikinta sai ta sa alamar tallar da aka biya a saitin bidiyon. Rubutu ɗaya a WhatsApp da duka biyun suka amsa, da shaida ɗaya, ya fi alkawarin baki nesa ba kusa ba.

Gane ko an ci riba

Hauhawar mabiya a ranar farko ba hujja ba ce. Abin lura shi ne bidiyoyi biyu ko uku da tashar za ta saki bayan haɗin gwiwar. Idan kallonsu ya ɗara na da, sababbin mutanen sun zauna. Idan mabiya sun ƙaru amma kallo ya koma inda yake, an samu masu leƙe ne kawai, kuma kafin a sake haɗuwa sai a koma shafin Audience a duba ko masu kallon tashoshin biyu sun yi kusa da juna kamar yadda aka zata.